Kalma Ɗaya, Ma'anoni Barkatai: Tsokaci a Kan Koyar da Fassara Ba Tare da Muhallin Magana Ba, Tare da Misalai Daga Mubi

1.0 Gabatarwa

Fassara tana cikin batutuwan da manhajar Hausa ta babbar sakandare ta tanada, kuma hukumomin shirya jarrabawa suna yin tambaya a kanta. Ana koya wa ɗalibai ire-irenta, kamar fassarar baƙi da baƙi da fassara mai 'yanci, ana kuma lissafa musu ƙa'idojinta da matsalolinta. Sai dai akwai wani nau'in aiki da ya zama ruwan dare a azuzuwa da takardun gwaji, wato a jero kalmomin Ingilishi tsurarsu, a umarci ɗalibi ya kawo takwarar kowace a Hausa. Wannan maƙala tsokaci ce a kan wannan nau'in aiki. Ra'ayin da za a kare shi ne, aikin yana koyar da kishiyar abin da mai fassara yake buƙata, domin yana sabar wa ɗalibi da bayar da amsa a wurin da ya kamata ya yi tambaya. Za a yi amfani da kalmomi biyu na Ingilishi, *light* da *bank*, da wasu 'yan kalmomin Hausa, a auna su da yanayin garin Mubi na Jihar Adamawa.

An zaɓi Mubi ne saboda fassara a can aikin yau da kullum ce. Garin yana kusa da iyakar Kamaru, yana da babbar kasuwar shanu da fatake ke zuwa daga nesa, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa. A yankin ana jin Fulatanci da Gude da Fali da Nzanyi, ga masu jin Margi da Kamwe da Kilba, Hausa kuwa ita ce harshen da ake haɗuwa a kansa a kasuwa da asibiti da tasha. Tun bayan da mayaƙan Boko Haram suka mamaye garin a watan Oktoba na 2014, aka kuma ƙwato shi a watan Nuwamba na wannan shekara, sanarwar tsaro da ta lafiya da ta agaji sun yawaita a yankin, yawancinsu kuwa da Ingilishi ake rubuta su kafin a mayar da su Hausa.

2.0 Hanyoyi Uku da Ma'ana Ke Rarrabuwa

Kafin a shiga sukar aikin, ya kamata a rarrabe abubuwa uku da malamai kan cakuɗa su a ƙarƙashin suna ɗaya.

Na farko shi ne kalma ɗaya wadda ma'anarta ta yi rassa daga tushe guda. Kalmar *baki* misali ce: bakin mutum, bakin kogi, bakin ƙofa, bakin wuƙa, bakin aiki. Haka *ci* take: cin abinci, cin kasuwa, cin jarrabawa, cin amana, cin bashi. Gouffé ya yi nazarin *ci* da *sha* a 1966, Jaggar da Buba kuma suka sake bin diddiginsu a 2009, suka nuna cewa rassan ba kara zube suke ba, akwai zaren da ya ɗinke su.

Na biyu shi ne kalmomi biyu mabambanta da suka yi kama ta fuskar furuci da rubutu. A Ingilishi, *light* mai nufin haske da *light* mai nufin rashin nauyi ba tushensu ɗaya ba, tarihi ne ya haɗa su a siffa guda. Ita ma *bank* ta ajiyar kuɗi ta shigo Ingilishi ne daga Italiyanci ta hanyar Faransanci, alhali *bank* ta gefen kogi ta riga ta zama a harshen. Shi ya sa ɗan kasuwar da ya tsallaka Kamaru ba zai ji wannan ruɗani a Faransanci ba, domin can kowace ma'ana da kalmarta.

Na uku ya shafi Hausa musamman. Daidaitacciyar ƙa'idar rubutu ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka kalmomin da kunne yake rarrabewa sai su zama ɗaya a ido. *Gari* na mazauni da *gari* na tuwo tsawon wasalin farko ne ya raba su. *Fari* na launi da *fari* na rashin ruwan sama da *fari* na farko, kowanne da furucinsa, amma rubutunsu ɗaya.

Amfanin wannan rarrabewa ga malami shi ne, maganin kowanne daban yake. Nau'i na uku yakan warware da zarar an furta kalmar. Na farko da na biyu kuwa ko an furta ba sa warwarewa, sai an san wanda ya yi maganar, da wanda aka yi wa, da abin da ake ciki. Wannan shi ake kira muhallin magana, kuma tun a 1923 Malinowski ya ja hankalin masana ga cewa ba a iya fassara zance idan an cire shi daga yanayin da aka yi shi.

3.0 Aibin Jeren Kalmomi

A ɗauki tambaya irin wadda aka saba gani, inda aka rubuta *light* ita kaɗai, aka ce a fassara. Takardar amsa ta malami ta ce "haske". Ɗalibi na farko ya rubuta "haske", ya ci. Na biyu ya rubuta "wuta", domin a Ingilishin da yake ji a unguwa, idan an ce babu *light* ana nufin an ɗauke wutar lantarki. Na uku ya rubuta "mara nauyi". Na huɗu ya rubuta "kunna", domin ya san ana amfani da kalmar a matsayin aikatau. Duk huɗun sun yi daidai, amma mutum ɗaya aka ba maki.

Ɓarnar da ke nan ta wuce rashin adalci wajen rabon maki. Darasin da ɗalibai ukun suka ɗauka shi ne, kowace kalma tana da amsa guda wadda malami ya ɓoye, aikinsu kuwa su canka. Wanda ya ci ma bai tsira ba, domin ya tafi da yaƙinin cewa duk inda ya ga kalmar, "haske" zai sa. Ranar da ya ci karo da *light rain* sai ya rubuta "ruwan haske" a maimakon "yayyafi". Idan likita ya ce a ci *light meal*, abinci mara nauyi yake nufi, irin su kunu ko fate. Fitilar kan hanya mai ba da hannu kuwa, direbobi "danja" suke ce mata. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da "haske" za ta biya buƙata.

Ba za a ɗora laifin a kan ƙamus ba. Tun ƙamusun Bargery na 1934 ake jero ma'anonin kalma ɗaya bayan ɗaya tare da misalai. Ƙamusun Ingilishi zuwa Hausa na Roxana Ma Newman, wanda ya fito a 1990, yana raba ma'anonin kalmar Ingilishi yana nuna inda kowace take dacewa. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 shi ma yana lissafa ma'anoni a jere. Matsalar ita ce, ba a koya wa ɗalibi karanta bayanin kalma har ƙarshe. Yakan ɗauki ma'anar farko ya rufe littafi, alhali ma'anar farko ita ce kurum wadda marubucin ƙamus ya ga ya dace ya fara da ita, ba lallai ta zama wadda jimlar da ke gabansa take so ba.

4.0 Misali Daki-Daki: Sanarwa Mai Jimla Ɗaya

A ƙaddara an miƙa wa mai fassara a Mubi wata 'yar takarda, aka ce za a karanta ta da lasifika a unguwanni. Abin da ke ciki shi ne: *Do not go near the bank until further notice.* Nahawu ba zai taimake shi ba, domin jimlar ta karɓi ma'anonin biyu daidai wa daida. Sanin garin ma ba zai raba gardama ba, domin Mubi tana da bankuna, tana kuma da kogin Yedzaram wanda yakan cika da damina. Idan ya ce "kada a kusanci banki" alhali gargaɗin ambaliya ne, yara za su ci gaba da wanka a kogi. Idan ya ce "kada a kusanci bakin kogi" alhali gargaɗin tsaro ne, mutane za su je su yi layi a inda aka so su guje wa. Ga tambayoyin da ya kamata ya yi, bisa wannan jeri.

Tambaya ta farko: wa ya fitar da sanarwar? Idan daga hukumar ba da agajin gaggawa take, zato ya karkata ga kogi. Idan daga jami'an tsaro take, ya karkata ga gidan kuɗi. Wannan tambaya kaɗai takan isa a mafi yawan lokuta.

Tambaya ta biyu: yaushe, kuma me ake ciki? Jimlar da aka fitar a watan Agusta ana tsakiyar marka, daban take da wadda aka fitar a farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira 200 da 500 da 1000 ya sa jama'a suka yi cincirindo a ƙofofin bankuna.

Tambaya ta uku: me ya gabaci jimlar, me ya biyo bayanta? Sau da yawa jimla ɗaya ake yankowa daga doguwar takarda a ba mai fassara. Haƙƙinsa ne ya nemi a ba shi takardar gaba ɗaya, ko da sakin layi ɗaya zai fassara.

Tambaya ta huɗu: su wa za su ji, kuma a ina? A nan ne ake gane ƙwararre. A ce an tabbatar kogi ake nufi. Har yanzu da sauran aiki, domin sanarwar da aka rubuta a Yola domin jihar baki ɗaya tana iya kasancewa a kan kogin Binuwai take magana, kamar yadda aka yi ta gargaɗi a 2012 da 2022 lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. Yedzaram kuwa ba ya cikin wannan magudana, arewa yake gangarawa wajen kwarin Tafkin Chadi. Ke nan dole mai fassara ya tambaya wane kogi ake nufi, ya kuma nemi izinin ambaton sunansa a fassarar.

Tambaya ta biyar ita ce wadda zai yi wa kansa: kalmar da na zaɓa, ita ma ba ta da harshen damo? Da yawa za su rubuta "gaɓa". A rubuce, *gaɓa* tana iya zama ta kogi, ko ta jiki, ko ta kalma. Mai karantawa da lasifika, idan Hausa ba harshensa na farko ba ce, yana iya gajarta wasalin da ya kamata ya ja. Saboda haka "bakin kogi" ta fi aminci a nan, domin kalmar "kogi" ta toshe duk wata kafa. Fassarar ƙarshe sai ta zama: "Kada kowa ya kusanci bakin kogin Yedzaram har sai an sake yin sanarwa."

Abin lura shi ne, tambayoyi biyar ɗin ba za su ɗauki fiye da 'yan mintoci ba idan mai takardar yana kusa. Abin da yake hana yin su shi ne kunya, domin an tarbiyyantar da ɗalibi a kan cewa tambaya alamar rashin sani ce.

5.0 Inda Hausar Mubi Ta Ƙara Wa Aikin Nauyi

Bahaushen Kano ko Katsina yana da wata alama da yake rarrabe kalmomi da ita ba tare da ya lura ba, wato jinsi. Idan ya ji "kukar gidanmu" ya san itaciya ce, idan ya ji "kukan gidanmu" ya san hawaye ake zubarwa. A bakin da yawa daga cikin waɗanda suka koyi Hausa a matsayin harshe na biyu, wannan bambanci na jinsi yakan raunana, sai ɗafin *-n* ya maye gurbin *-r*. Haka nan Fulatanci ba ya rarrabe kalmomi da karin sauti kamar Hausa. Sakamakon haka shi ne, alamomin da marubucin littafi ya ɗauka kowa yana ji, wani ɗalibin Mubi ba ya dogara da su, sai ya fi buƙatar kalmomin da ke kewaye.

Misali mai nauyi shi ne kalmar *nono*. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a shayar da jariri nonon uwa zalla har tsawon wata shida. Idan mai fassara ya taƙaita ya ce "a ba jariri nono kawai", ya bar ƙofa a buɗe, domin a garin da ake tallar nonon shanu kowace safiya, kalmar tana da ma'ana ta biyu da ke kusa da hannu. Tafintan da zai mayar da saƙon zuwa Fulatanci kuwa dole ya zaɓa, domin a can *kosam* shi ne abin da ake sha, *enɗu* kuwa gaɓar jiki ce. Idan Hausar da aka ba shi ba ta fayyace ba, zai canka ne. Kalma guda, "uwa", ita ce ke rufe wannan ƙofa. Ke nan saƙon da zai ratsa harsuna uku yana buƙatar ƙarin bayani a zangon tsakiya, ko da ya ɗan fi na asali tsawo.

6.0 Yadda Ake Gane An Yi Kuskure

Hanyar da aka fi sani wajen tantance fassara ita ce a ba wani ya mayar da ita harshen asali, a kwatanta. Wannan hanya tana da amfani, amma tana da makanta a daidai wurin da muke magana. A ɗauki umarnin da ake gani a jikin kwalin magani, *protect from light*. Mai fassara ya rubuta "a kare shi daga wuta". Wanda aka ba ya mayar, da yake ya saba kiran wutar lantarki da *light*, sai ya mayar da jimlar yadda take tun farko. Takardu biyu sun dace, kowa ya sa hannu. Uwar da ta karɓi maganin kuwa ta nisanta shi da murhu, ta ɗora shi a kan taga inda rana take dukansa, wato ainihin abin da aka so hanawa. Daidai shi ne a ce "a ajiye shi inda haske ba ya kaiwa, musamman hasken rana".

Gwajin da ya fi wannan kama kuskure shi ne gwajin aiki. A karanta fassarar ga wanda bai ga Ingilishin ba, kada a tambaye shi ko ya gane, domin zai ce ya gane. A tambaye shi abin da zai yi: ina za ki ajiye maganin? ina ne ba za ka je ba? Amsarsa ita za ta nuna ma'anar da ta isa gare shi. Ana iya yin wannan a aji ba tare da kashe ko kwabo ba, ta hanyar raba ɗalibai gida biyu, masu fassara da masu aikatawa.

7.0 Iyakar Tambaya

Ba kullum ake samun wanda za a tambaya ba, kuma manhaja ba za ta yi kamar ba ta san haka ba. Tafinta a gaban alƙali ko likita yana iya neman a maimaita ko a fayyace, kuma ya kamata a koya masa cewa yin hakan ya fi canke. Mai fassara rubutun da marubucinsa ya rasu ko ya yi nisa, sai ya tambayi rubutun kansa, ya duba yadda aka yi amfani da kalmar a wasu wurare a cikinsa. Idan duk da haka ma'ana biyu suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, ya zaɓi ɗaya, ya sanar da mai aikin a rubuce cewa zaɓi ya yi. Akwai kuma inda harshen damon da gangan aka yi shi, kamar a habaici da barkwanci da tallace-tallace. A nan fayyacewa ɓarna ce, domin ita ce za ta kashe abin da aka gina zancen a kai. Daga ƙarshe, tambaya ma tana da ƙa'ida. Wanda ya tambayi ma'anar *bank* a cikin takardar da ke maganar buɗe asusu da ajiyar kuɗi, bai karanta takardar ba ne.

8.0 Shawarwari

Bisa abin da ya gabata, ana ba masu tsara manhaja da malamai waɗannan shawarwari.

Na ɗaya, a daina kawo kalma tsurarta a tambayar fassara. Mafi ƙarancin abin da za a bayar shi ne cikakkiyar jimla, tare da layi ɗaya da ke bayyana wanda ya faɗa da wurin da aka faɗa.

Na biyu, idan an kawo kalma ita kaɗai, a juya aikin. A nemi ɗalibi ya kawo ma'anoni uku, kowace a cikin jimla, sannan ya rubuta tambayoyi biyu da zai yi wa mai aikin kafin ya fassara. A cikin maki goma, ana iya ware shida ga ma'anoni da jimlolinsu, huɗu ga ingancin tambayoyin.

Na uku, takardar amsa ta malami ta ƙunshi duk amsoshin da muhallin ya yarda da su, har da waɗanda suka fito daga Ingilishin da ake yi a Nijeriya.

Na huɗu, a ware darasi guda domin karatun ƙamus, inda ɗalibai za su bi bayanin kalma ɗaya daga farko har ƙarshe, su nemo wa kowace ma'ana jimla daga rayuwar garinsu.

Na biyar, a wurare irin Mubi a shigo da harsunan ɗalibai cikin darasin. Malami ya tambayi masu jin Fulatanci ko Gude ko Margi yadda harshensu ya raba *nono* ko *wuta* ko *baki*. Ɗalibin da ya ga harshensa ya raba abin da Hausa ta haɗa, ba sai an yi masa dogon bayani ba a kan dalilin da ya sa Hausa take raba abin da Ingilishi ya haɗa.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa aikin fassara jeren kalmomi yana hukunta ɗalibin da ya san ma'anoni da yawa, yana kuma ba wanda ya san ɗaya yaƙinin da bai dace ba. An bi jimla ɗaya ta sanarwa an ga cewa tambayoyi biyar ne suka kai ga fassarar da za a iya dogara da ita, an kuma ga cewa mayar da fassara harshen asali ba ya kama kuskuren da gwajin aiki yake kamawa. Ɗaliban da ke azuzuwan Hausa a Mubi su ne za su tsaya tsakanin likita da mara lafiya, da tsakanin hukuma da mazauna bakin kogi. Ya kamata manhaja ta ba su maki a kan tambayar da suka yi kafin fassara, kamar yadda take ba su a kan fassarar kanta.